Albashi na shiga, bashi na jira: yadda ake sake tsara kasafin wata

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da dama a Najeriya suka saba da cike giɓin wata da rance. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024 bai kamo tsadar kasuwa ba. Akasarin masu bashi ba ƙin biya suke yi ba. Kuskurensu shi ne su gama kashe albashi tukuna, sannan su duba abin da ya rage su miƙa wa mai bin su, alhali kuwa ba ya raguwa. Gyaran shi ne a fara yanke abin da za a biya kowane wata, sannan a ɗinka sauran hidimomin gida a kan abin da ya saura.

A ɗauki misalin wani malamin sakandare a Kano, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, yana zaune a gidan gado. Albashinsa naira 150,000. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata tana cire 20,000 tun daga tushe, saura 120,000 take bin sa, don haka 130,000 ke shiga hannunsa. Mai kantin unguwa yana bin sa 45,000, surukinsa 50,000, sai kuma 60,000 da ya ranta a manhajar bashi ta waya, mai kuɗin ruwa kashi 15 cikin ɗari a wata. Duk wata yana tura wa manhajar 9,000, uwar kuɗin kuwa tana nan daram.

Kafin ya rage komai, sai ya rubuta duk abin da ya kashe na wata guda, har kuɗin ruwan leda. Ƙiyasi da ka ba ya aiki, domin mutum yana tuna buhun shinkafa, ya manta da tsiren yamma. Littafin ya nuna cefane ya ci 62,000, kuɗin mota 18,000, kati da data 9,000, wuta da ruwa da gawayi 15,000, kuɗin Islamiyya da kuɗin tara na yara 6,000. Gudummawar biki da anko sun ɗauki 10,000, shayi da abincin rana a waje 11,000. Idan aka haɗa da 9,000 na manhaja, an kai 140,000. Wato kowane wata yana kashe 10,000 fiye da abin da ke shigo masa, kuma wannan giɓin ne ke komawa littafin mai kanti.

A nan mutane da yawa ke zamewa. Sai a rage 10,000, a ɗauka an samu kuɗin biyan bashi, alhali rami kawai aka cike. Abin da aka rage bayan an toshe giɓin, shi ne kuɗin biya na gaskiya.

Malamin ya fara da inda ba zai taɓa lafiyar iyali ba. Yana tafiya makaranta da abinci daga gida, sai 11,000 ta koma 4,000. Ya mayar da data zuwa 5,000 ta hanyar sayen ta wata maimakon ta kullum, ya rage 4,000 a kuɗin mota saboda ya riƙa taka gajerun hanyoyi da ƙafa. Cefane ya sauko zuwa 56,000 ba tare da an rage tukunya ba: yana sayen masara da wake da kwano a kasuwa farkon wata, ya daina awon kullum a kantin da ake rubuta masa bashi kan farashi mai tsada. Mafi wuya ita ce maganar biki, domin ba ta maigida shi kaɗai ba ce. Sai da ya zauna da uwargida ya nuna mata lissafin duka, suka amince a kan 3,000 a wata, anko kuma a jingine shi. Kasafin da aka ɓoye wa mai riƙe da tukunya da wuya ya kai tsakiyar wata.

Jimillar ragin ta kama 28,000. An cire 10,000 na giɓi, saura 18,000. Daga ciki ya ware 3,000 a gefe saboda zazzaɓin yaro ko fashewar famfo, domin wanda ba shi da ko sisi a ajiye, ƙaramar larura ce za ta mayar da shi manhaja. Saura 15,000, ya ɗora a kan 9,000 ɗin da ya saba turawa, ya zama 24,000, ana tura ta ranar da albashi ya shigo.

Wa za a fara biya? Kunya tana cewa suruki, amma lissafi yana nuna manhaja, domin ita kaɗai ce bashinta ke haihuwa. Wata na farko bashin ya hau 69,000, ya biya 24,000, saura 45,000. Wata na biyu ya sauko zuwa 27,750, na uku kusan 7,900, a na huɗu ya rufe shi da kimanin 9,100. Kuɗin ruwan da ya biya a watannin huɗu bai wuce 21,100 ba. Da ya ci gaba da tsohon salonsa, da ya zubar da 36,000 kuma 60,000 na nan a wuyansa. Sai dai wannan lissafin yana tafiya ne idan ana ɗora ruwan a kan abin da ya rage. Wasu masu ba da rancen a kan uwar kuɗin farko suke lissafawa, wasu kuma suna da tarar jinkiri, saboda haka a karanta sharuɗɗan kafin a tsara.

Bayan nan ba a mayar da 24,000 ɗin cikin cefane. Ana juya ta, haɗe da ragowar wata na huɗu, ga mai kanti, wanda tun farko an same shi an gaya masa watan da zai fara karɓa, an rufe littafin, ana sayayya hannu da hannu. A wata na shida an sallame shi, har an miƙa wa suruki kusan 17,900. A watan ne kuma bashin ƙungiya ya ƙare, sai 20,000 ta dawo cikin albashi. A wata na bakwai malamin yana da 44,000 a hannu, suruki yana bin 32,100.

Mai bashin banki ya sani cewa kwashe kuɗi zuwa wani banki ba mafita ba ce. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar ciro kuɗinsa daga sauran asusun da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya kasa biya. Gara a je a nemi a tsawaita wa'adi tun kafin ranar biya ta wuce. Manhajar da ke tura wa 'yan uwa da abokan aiki saƙon cin mutunci kuwa, ana kai ƙararta ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko da yake ƙarar ba ta goge bashin.

Ana gane tsari ya fara ɓaci idan littafin mai kanti ya sake buɗuwa kafin 20 ga wata, ko aka taɓa kuɗin ajiya wata biyu a jere. Wannan yana nufin an yanka da yawa, sai a sauke 24,000 zuwa 20,000, a karɓi ƙarin wata ɗaya ko biyu. Azumi da Sallah da komawar yara makaranta ba sa zuwa ba zato, don haka a sanar da masu bin bashi tun da wuri cewa biyan waɗannan watannin zai ragu. Mai zaman haya kuma ya raba kuɗin shekara gida 12, ya ware kason kowane wata tun kafin ya faɗa wa kowa nawa zai iya biya.