Hoton gona a waya: yadda za a rabe dawa, hatsi, masara da acca

Daga watan Satumba zuwa kaka, wayoyin mutanen gari a Madawa, Buza da Keita kan cika da hotunan gonaki. Wani ƙanensa ne ya turo don ya ga inda kuɗin iri da na taki suka shiga, wani kuma dillali ne ke yi masa tallar amfanin gona. Manomi dai ba ya rikita dawa da hatsi. Amma wanda ya tashi a gari, yana duban ƙaramin hoto, yana iya rikicewa, har ya biya kuɗin abin da ba shi ya yi nufin saye ba.

Kada a fara da launi, domin rana da waya suna sauya shi. Abin dubawa shi ne yadda tsaba ta zauna a jikin zangarniya.

Zangarniyar hatsi, wato gero, sanda guda ce kamar kyandir, ba ta da reshen da ido ke gani. Tsabar ƙanana ce, ta cushe ta kewaye sandar ba tare da layi ba. Tsawo bai zama shaida ba, don zango yakan kai mita guda, wasu irin kuwa ba su wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Idan aka ga zane ya murɗe ya zagaye zangarniyar, tsaba ta zube a wurin, har yanzu hatsi ne, murzuna ce ta ci shi.

Ita dawa, zangarniyarta tana da rassa, kowane reshe da ƙanana a jikinsa, tsabar kuma ta fi ta hatsi girma, tana zaune cikin ɓawo biyu, baƙi ko ja ko ruwan ƙasa, da suka riƙe ta daga gindi. Wata dawar a buɗe take, rassanta na lilo. Wata a dunƙule take kamar ƙulli, kuma ita ce ake ɗauka gajeren hatsi. A faɗaɗa hoton a duba gefe. Gefen zangarniyar hatsi sumul yake, na dawa kuwa tudu da kwari ne, don tsabar gungu-gungu take.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne tsakanin dawa da masara. A ce an turo hoto daga kwarin Magiya ko na Tarka, inda ƙasa mai laka ke karɓar su duka biyu: dogon kara, ganye mai faɗi, a bisa wani abu mai rassa. Da yawa za su ce dawa ce ta fid da kai. Sai a duba rassan. Idan sirara ne, dogaye, sun baje kamar tsintsiya, babu tsaba sai ƙaiƙayi, to furen namiji ne na masara, kuma ba zai taɓa yin tsaba ba ko an jira har rani. Sai a sauko da ido tsakiyar kara, nan za a ga goyo a naɗe cikin ganye da gemu a bakinsa. Dawa ba ta goyo. Idan mai hoton ya yanke tsakiyar karan, kada a yanke hukunci, a ce ya sake ɗauka. In an ɓare goyon kuwa magana ta ƙare, don masara ce kaɗai a cikin huɗun ke jera tsabarta layi-layi a jikin totuwa, kuma yawan layukan koyaushe mai rabuwa biyu ne, 12 ko 14 ko 16.

Acca, da wasu ke kira intaya, ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Gajera ce, ba ta kai ƙugu ba, kanta siraran yatsu ne biyu zuwa huɗu da suka fito wuri guda. Tsabarta kamar rairayi take, wajen 2000 ke yin giram ɗaya. A Nijar an fi nomanta a jihar Doso, ba a Adar ba. Saboda haka in an turo hoton irin wannan kai daga Keita ko Buza aka ce acca ce, ni dai harkiya nake fara zato, ciyawar da ke fitowa cikin gonaki, wadda danginsu ɗaya da acca kuma kanta iri ɗaya ne. Hoto kaɗai da wuya ya raba su. A tambaya ko shuka ta aka yi, ko da kanta ta fito.

Idan an riga an sussuke, zangarniya ta tafi, saura girman tsaba, shi kuwa hoton kusa yana iya mai da hatsi kamar dawa. Kafin a tura kuɗin tiya ko na buhu, a sa mai sayarwa ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya aza ƴar dala ashirin a gefe, sannan ya ɗauka cikin inuwa.