Minti Talatin Bayan Asuba: Sassarfar Bai-ɗaya ko Zafi da Sassauci?

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako aka jawo ruwa zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, mutanen wannan yanki ba su da lokacin zaman banza. Da damina ana shinkafa, da rani ana alkama da tumatir da albasa. Sai dai wannan arziki ya haifar da wasu mutane da aikinsu na zama ne: dillalin shinkafa da ke wuni a kan benci, mai injin casa, mai shagon taki da magani, direban da ke ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan, da malamin makaranta. Ko zuwa masallacin unguwa, da yawansu a kan babur suke yi. Irin waɗannan ne ake auna su a asibiti a ce hawan jini ko suga ya fara leƙowa, a ce su riƙa motsa jiki, su kuma su ce ina lokacin yake?

Wanda ke wuni da fartanya yana jan ruwa daga fangali zuwa fangali ba da shi ake wannan magana ba, ya riga ya biya bashin jikinsa. Maganar ta mai zama ce, wanda abin da zai iya warewa bai wuce minti talatin ba, kwana uku ko huɗu a mako.

Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ta farko ita ce ya kama tafiya da sauri, ko sassarfa, ko tuƙa keke, ya riƙe ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ta biyu ita ce ya riƙa yin zafi da sassauci: ya matsa wa kansa na ɗan lokaci har ya yi haki, ya sassauta numfashi ya dawo, ya sake matsawa.

Abin da ya sa hanya ta biyu take jan hankalin mai ƙarancin lokaci yana cikin lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Ke nan minti ɗaya na tsanani yana tsayawa a madadin biyu na matsakaici. Dalilin kuwa shi ne, idan zuciya ta yi aiki kusa da iyakar ƙarfinta, takan koyi tura jini mai yawa a kowane bugu, tsokoki kuma su ƙara iya amfani da iska da sukarin da jinin ya kawo musu. Matsalar ita ce ba wanda bai saba ba da zai iya riƙe wannan tsanani na minti ashirin a jere. Hutun da ake sakawa a tsakani shi ne ke ba mutum damar tara mintunan zafi masu yawa a zama ɗaya.

Masana sun gwada wannan. A Jami'ar McMaster ta Kanada, Martin Gibala da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2016 a kan maza marasa motsa jiki. Wani rukuni yana tuƙa keken motsa jiki na minti 45 a matsakaicin ƙarfi. Ɗaya rukunin minti goma kacal yake yi, a ciki har da tuƙi uku na daƙiƙa 20 da iyakar ƙarfi. Kowa sau uku a mako. Bayan mako 12, ƙarfin zuciya da huhu ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari a rukunan biyu. Labarin yana da daɗin ji, amma a lura da kalmar iyakar ƙarfi. Ba ƙara sauri kaɗan ake nufi ba, tuƙi ne irin na wanda kare ya biyo, a kan keke na musamman, masana suna tsaye a kai. Ni ba zan ba mai shekara hamsin da tumbi shawarar ya kwaikwayi wannan a kan hanyar gona ba.

Wanda ya fi dacewa da mu daga Japan ya zo. Hiroshi Nose da ɗalibansa a Jami'ar Shinshu sun gwada tafiyar ƙafa zalla a kan manya da dattawa: minti uku da sauri sosai, minti uku a hankali, zagaye biyar ko fiye, kwana huɗu a mako. Sakamakon da suka wallafa a 2007 ya nuna cewa bayan wata biyar, masu wannan tafiya sun fi masu tafiyar bai-ɗaya samun ƙarfin cinya da na numfashi, awon jininsu kuma ya fi sauka. Ba keke, ba kuɗi, sai takalmi da agogon waya.

A ɗauki misalin wani dillalin shinkafa mai shekara 45, da ke da minti talatin tsakanin sallar asuba da buɗe rumfa, kwana huɗu a mako. Hanyar da ke bin gefen babban kwatamin ruwan nan shimfiɗaɗɗiya ce, da sassafe kuma ba cunkoso. Idan ya yi tafiyar bai-ɗaya, ya tara minti 120 a mako, saura 30 ya cika ƙa'ida. Idan ya raba minti talatin ɗin gida goma, ya fara da uku na sassauci ya bi da uku na zafi har sau biyar, ya samu minti 15 na zafi kowace rana. A kwana huɗu 60 ke nan, waɗanda ke daidai da 120 na matsakaici. Ko rabin mintunan sassaucin kawai aka ƙirga masa, ya kai 150. Lokacin da ya kashe bai ƙaru ba ko da minti ɗaya.

Amma lissafin nan ba ya tsayawa sai idan zafin ya zama zafi na gaske, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yaudarar kansu. Awon da ya fi sauƙi shi ne magana. A matsakaicin ƙarfi, mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa, amma ba zai iya rera waƙa ba. A tsanani kuwa, kalma uku ko huɗu zai faɗa ya tsaya jan numfashi. Idan wani ya gaishe shi a minti na biyu na zafi, ya iya amsawa har ya tambayi iyali da gajiya da kasuwa, to bai matsa ba. Mai son lissafi zai iya cire shekarunsa daga 220 don ƙiyasta iyakar bugun zuciyarsa. Na dillalin nan 175 ne a minti. Matsakaici a wurinsa kusan 112 zuwa 133 ne, tsanani kuma daga 135 zuwa sama. Sai ya dafa jijiyar wuyan hannu ya ƙirga na daƙiƙa 15: idan ya samu 34 zuwa 40, yana cikin zafi. Ƙiyasi ne kawai, yakan kauce da goma ko fiye, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, don haka awon magana ya fi abin dogaro.

Duk da haka, ba da zafi ake farawa ba. Kowane mai ban ruwa ya san ba a tayar da injin da ya daɗe a ajiye a murɗe shi zuwa ƙarshe nan take. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyin gwiwa da na agara sun fi su jinkiri. Wanda ya shekara goma a kan benci ya yi mako huɗu zuwa shida yana tafiyar bai-ɗaya tukuna, daga minti goma sha biyar har ya kai talatin ba tare da wahala ba. Daga nan ya saka zafi na minti ɗaya sau huɗu ko biyar, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali har ya kai uku. Idan zagaye na ƙarshe ya gagara, ko ciwon gwiwa ya kwana biyu bai tafi ba, ko barci ya lalace, an yi gaggawa, sai a koma baya. Tafiyar Japan ɗin tana da sauƙin da za a iya yin ta kwana huɗu, amma wanda ya kai ga gudu na gaske kada ya wuce sau biyu ko uku a mako, kuma ya bar kwana ɗaya a tsakani.

Akwai waɗanda bai-ɗaya ce tasu har sai likita ya ce wani abu: mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, da mai juna biyu da ba ta saba motsa jiki ba. Mai suga da ke shan magani ko yin allura ya riƙe dabino a aljihu, saboda sukari yana iya faɗuwa. Kowa kuma, idan ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Yanayi ma yana da hannu a zaɓin. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yakan kai maki 40 da rana, kuma zafi kaɗai yana ɗaga bugun zuciya. A wannan lokaci duk abu mai tsanani a yi shi kafin rana ta ɗaga. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, haki mai ƙarfi ƙura yake cusa wa huhu, mai asma ya koma tafiya a hankali ko ya yi a ɗaka. Da azumi a ajiye zafin sai bayan buɗa baki. Wanda kuma zufa ta sa ya yi sha'awar faɗawa kwatamin ruwa ya tuna tsargiya tana nan.

Matan da ba su cika fita ba ba a bar su a baya ba. Hawa da sauka a kan dakali ko matakala, ko tafiya da sauri a tsakar gida, duk suna karɓar tsarin uku da uku.

Masu neman rage ƙiba su sassauta buri. Binciken da aka tattara ya nuna hanyoyin biyu ba su da wani babban bambanci wajen narkar da kitse. Tafiyar minti talatin ba ta ƙona abin da ya wuce kwalbar lemo ɗaya ko ɗaya da rabi, saboda haka maganar tumbi tana wurin kwanon tuwo da sukarin shayi.

Hukuncina shi ne, mai lafiya da ke da minti talatin kwana uku ko huɗu ya fara da bai-ɗaya na wata guda, sannan ya mayar da kwana biyu zuwa zafi da sassauci, ya bar sauran a yadda suke. Wanda haki ke sa shi ƙin fitowa gobe ya tsaya a bai-ɗaya, ya cike giɓin da tafiyar minti goma bayan cin abinci, ya kuma bar babur a gida idan zai je masallaci. Kafin ka fara ko wanne, ɗan'uwa, ka je asibiti mafi kusa a auna maka jini da suga.