Yadda Ake Ajiye Firinta Mai Tawadar Ruwa Ba Tare da Ta Toshe Ba

Firinta mai aiki da tawadar ruwa tana fesa tawada ne ta wasu ƴan ƙananan kafofi, waɗanda silin gashi ma ya fi su kauri. Idan ta yi watanni ba a taɓa ta ba, ruwan tawadar da ke bakin kafofin yakan bushe, ya bar daskararren launi. Zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu suna gaggauta wannan.

Babbar kariya tana wajen kashewa. Idan aka danna maɓallin kashewa, kan da ke fesa tawada yakan koma mazauninsa a gefe, inda wani marfin roba ke rufe kafofin. Wanda ya zare waya daga soket kai tsaye, ko aka ɗauke masa wuta ana cikin bugu, zai iya barin kan a buɗe. Don haka sai an ji ta yi shiru tukuna a zare waya.

Kwanson tawada kuma a cikinta ake barinsa, domin cire shi yakan ba iska hanyar shiga. Sannan a lulluɓe firintar da leda saboda ƙura, a ajiye ta a kwance, a ɗaki mai sanyi nesa da rana.

Ranar da aka dawo mata, a fara buga shafin gwaji na Nozzle Check. Idan layuka sun fito a tsittsinke, a yi Head Cleaning sau biyu, a bar ta ta kwana kafin a maimaita, domin kowane wanki yana shan tawada.