Yaushe Ake Cewa An Yi Watsi da Gyaran Manhaja?

A manhajar da mutane da yawa ke ginawa tare, ba wanda ke cusa gyaransa kai tsaye. Mai gyara yakan miƙa aikinsa ta hanyar `pull request`, wato ya roƙi masu kula da manhajar su duba, idan ya yi su haɗe shi da uwar aikin. Sai dai wasu buƙatun kan yi watanni a buɗe, ba a karɓa ba, ba a kuma ƙi ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne tsawon shiru, ba ranar da aka buɗe buƙatar ba. A manhajar Kubernetes, idan buƙata ta yi kwana 90 ba motsi, na'ura na liƙa mata alamar `lifecycle/stale`. Bayan ƙarin kwana 30 sai ta koma `lifecycle/rotten`, wasu kwana 30 kuma a rufe ta. Ke nan mai gyara yana da kwana 150 da gargaɗi biyu, kuma da layi guda zai iya cire alamar farko:

```
/remove-lifecycle stale
```

A GitHub akwai `actions/stale`, wanda idan ba a sauya masa lissafi ba yake sa alama bayan kwana 60, ya rufe bayan ƙarin kwana 7.

Amma ƙidayar kwanaki ba ta san wanda ake jira ba, kuma a nan gizo ke saƙa. A ce wata ta aiko da gyara, gwaje-gwaje duk sun wuce lafiya, amma babu mai kula ko ɗaya da ya leƙa har wata biyu. Na'ura za ta rufe mata aiki alhali jinkirin ba nata ba ne, kuma da wuya ta sake kawo gudummawa. Wannan buƙata dubawa take jira, ba rufewa ba.

Wadda aka yi watsi da ita da gaske tana da alamominta: an nemi mai ita ya sauya wani abu ya yi shiru, gwaji ya faɗi ba a gyara ba, ko uwar aikin ta yi nisa har gyaran ya daina haɗuwa da ita.

Irin wannan, a fara tuntuɓar mai ita tare da sa masa wa'adi. Idan bai amsa ba kuma gyaran na da amfani, wani ya ɗora daga inda ya tsaya, a bar sunan na farkon a tarihin aikin. Idan buƙatar gyaran ta kau, a rufe tare da bayyana dalili da godiya. Rufewa ba gogewa ba ce, aikin yana nan ga mai son komawa kansa.

Don haka kafin ka rufe aikin wani, duba saƙon ƙarshe. Idan kai ake jira, nauyin yana wuyanka.