Ciwon sanyin mafitsara

Ciwon sanyin mafitsara cuta ce da ke samuwa idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga hanyar fitsari suka hayayyafa. A ƙasar Hausa ana kiransa ciwon sanyi, sunan da ake bai wa wasu cututtukan al'aura ma, alhali maganinsu daban ne. Mafi yawan lokuta ƙwayar E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum, ita ce ke haddasa shi.

Dalilin da ya fi kama mata

Bututun da fitsari ke fita ta cikinsa bai wuce santimita 4 ba a jikin mace, na namiji kuwa ya kai kimanin santimita 20. Bakinsa kuma yana kusa da dubura, don haka ƙwayoyin ba sa yin doguwar tafiya kafin su isa mafitsara. Saduwar aure, juna biyu da ɗaukewar al'ada suna ƙara haɗarin.

Yadda yake kaiwa ƙoda

E. coli tana da wasu siraran gashi da take manne wa bangon mafitsara da su, yadda fitsari ba zai wanke ta ba. A wannan mataki ana jin zafi wajen fitsari, da yawan fitsari kaɗan-kaɗan, da ciwon mara. Idan ba a magance ba, sai ta haura ta bututu biyun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Juna biyu yana sauƙaƙa hawan, domin bututun suna saki, mahaifa kuma tana danne su, sai fitsari ya riƙa kwanciya. Alamomin kamuwar ƙoda su ne zazzaɓi, rawar sanyi, amai da ciwon kwiɓi.

Zaɓin magani

Magani ya danganta da inda cutar ta tsaya. Idan a mafitsara take, ana ba da naitirofurantoyin na kwana 5. Sai dai wannan magani a fitsari yake taruwa, ba ya ratsa naman ƙoda, saboda haka ba ya aiki idan cutar ta haura. A nan ana amfani da sifirofuloksasin na kwana 7 ko allurar seftiriyakzon. Ƙwayoyin da yawa sun daina jin saftirin da amfisilin, shi ya sa ake shuka fitsari a ɗakin gwaji don gano maganin da zai kashe su.

Misali, mai cikin wata shida a Gwiwa da ta zo da zazzaɓi da ciwon kwiɓi ana iya ɗauka maleriya ce. Idan gwajin fitsari ya nuna cutar, ba a ba ta sifirofuloksasin saboda cikin. Akan tura ta babban asibiti, kamar na Kazaure, a kwantar da ita a yi mata allura, domin cutar tana iya shiga jini ko ta jawo haihuwar bakwaini.