Tayil ɗin Shago a Azare: Rairayi Ne Alƙali Tsakanin Siramik da Fosilin

Duk wanda ya zaga shagunan Azare, hedkwatar masarautar Katagum, zai lura cewa daɓen siminti yana ja da baya, tayil yana maye gurbinsa. Amma zai lura da wani abu kuma. A wasu shagunan, daga bakin ƙofa zuwa gaban kanta akwai wata hanya da ta dushe kamar turbar shanu, alhali tayil ɗin da ke ƙarƙashin kantoci yana nan da ƙyallinsa. Mai shago yakan ce an cuce shi da jabu. Sau da yawa kuwa tayil ɗin ba jabu ba ne, an dai ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Mai laifin shi ne rairayi. Ƙasar Katagum ƙasa ce mai yashi, ga ƙurar hunturu, kuma kowane mai saye yana shigowa da rabonsa a ƙasan takalmi. Ƙwayar rairayi ta fi yawancin rufin gilashin da ke fuskar tayil tauri. Saboda haka kowane taku tamkar guga ne da takardar yashi irin ta kafinta. A ɗakin kwana, inda ake tuɓe takalmi a ƙofa, wannan ba abin damuwa ba ne. A shagon da ɗaruruwan mutane ke shiga kullum, shi ne ke yanke wa tayil kwanansa.

Siramik da fosilin duka daga yumɓu suke, 'yan'uwan tangaran ne. Bambancinsu yana wajen haɗi da gashi. Ana yin fosilin da farin yumɓu mai laushi haɗe da garin dutse, a matse shi ƙwarai, a gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, har jikinsa ya narke ya haɗe. Siramik bai kai haka gasuwa ba, don haka jikinsa yana da ƙananan kafofi. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 13006 da shan ruwa take raba su: fosilin ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa, siramik na ƙasa yakan sha kashi 3 zuwa 10, na bango kuwa ya wuce 10.

Mai saye yana iya gwada wannan a gaban mai sayarwa. Ya kife tayil, ya ɗiga ruwa a bayansa, ya dakata kaɗan. In ruwan ya nutse ya bar duhu, siramik ne. In ya tsaya yana ƙyalli, fosilin ne, ko kuwa na kusa da shi. Wannan haɗewar jiki ita ta sa fosilin ya fi jure nauyi, kamar baro mai ɗauke da buhuna ko kwalin lemo da aka dire da ƙarfi. Siramik in ya ɓantare, ja ko ruwan ƙasan cikinsa yakan fito fili, ya riƙa shan dauɗa.

To, amma sunan fosilin shi kaɗai bai isa ba. Yawancin wanda ke kasuwa shi ma rufin gilashi gare shi a sama, kuma rufin nan ne takalmi ke takawa, ba jikin ba. Ana auna juriyar rufin da mizanin da ake rubutawa PEI a jikin kwali, wanda ƙolinsa 5 ne. Mai lamba 3 na gida ne. Shago yana bukatar 4, mai cunkoso sosai kuwa 5. Watau siramik mai lamba 4 zai iya riƙe fuskarsa fiye da fosilin mai lamba 3, duk da cewa na biyun ya fi tsada. Wanda ya fi su duka shi ne fosilin marar rufi, mai launi ɗaya daga sama har ƙasa, domin ko ya ci, abin da ke ƙasa irin na sama ne.

Sai batun ƙyalli, wanda shi ya fi jan ido a wurin saye. Fosilin da aka goge ya zama madubi yana nuna kowane ƙarce, kuma gogewar takan buɗe ƙananan kafofi a fuskarsa, manja ko shayi su kama shi. Da damina kuma santsi gare shi, tsoho ko yaro na iya zamewa. Marar ƙyalli, wanda aka rubuta wa R10, ya fi dacewa da shago, musamman in launinsa ya yi kusa da na ƙasa.

A ɗauki misalin shagon kayan masarufi mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6, watau murabba'in mita 24. Ana ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 26.4. Fosilin mai santimita 60 kowane gefe yakan zo huɗu a kwali, kwalin ya rufe murabba'in mita 1.44, don haka kwali 19 ake bukata. In siramik ne mai santimita 40, guda 165 ne, watau kwali 14 in kowane yana da 12. A saye su lokaci ɗaya, masu lambar gashi ɗaya, domin launi yakan saɓa daga wannan gashi zuwa wancan. Abin da ya ragu a adana shi don gyaran gaba.

Wurin sawa ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Masu sa tayil sun saba da kwaɓin yashi da ruwan siminti, kuma siramik yana karɓar wannan, domin kafofinsa suna tsotsar simintin su riƙe. Fosilin ba ya tsotsa, saboda haka riƙon yakan yi rauni, bayan wani lokaci ya saki. Shi gam ɗin tayil yake so, mai alamar C2, a kan daɓen da ya bushe ya daidaita. A baza gam da cokali mai haƙora, a kuma shafa shi a bayan tayil, kada a yi ɗigo biyar a danna. Buhu mai kilo 20 yakan rufe murabba'in mita 4 zuwa 5, don haka shagon misalin nan zai ci buhu 6. A bar tazarar milimita 3 tsakanin tayil da tayil, a bar rata a gindin bango, domin zafin bazara yana sa tayil ya buɗa, in bai sami wuri ba ya tashi ya yi tozo.

Kafin mai shago ya cika kuɗin aiki, ya bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da mabuɗi. Wanda ya yi amo kamar ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma nan zai fara tsagewa ranar da aka dire masa nauyi.

Hukuncin dai ya danganta da irin shagon. Ga teloli, ko ofishin da masu shiga ba su da yawa, siramik mai lamba 4 ya wadatar, ga araha, ga sauƙin yanka. Ga mai sayar da kayan masarufi, ko magani, ko kayan gini, fosilin marar ƙyalli da aka sa da gam shi ne mafi sauƙi a ƙarshe, domin sake tayil yana nufin kwashe kaya, da rufe shago, da biyan aiki sau biyu. Wanda kuɗinsa bai kai fosilin da gam ba, gara ya sa siramik mai kyau yadda ya kamata da ya sa fosilin a kan ruwan siminti. Kowane aka zaɓa kuma, shimfiɗar goge ƙafa a bakin ƙofa da shara safe da yamma suna ƙara masa shekaru, domin rairayin da aka tare a waje ba ya cin tayil.