Guringuntsin Gwiwa: Dalilin Da Ya Sa Rauninsa Ba Ya Warkewa

Ƙashi idan ya karye aka ɗora shi da kyau, cikin 'yan makonni sai ya haɗe. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashin a cikin gwiwa kuwa, in ya ɓantare, yakan zauna da raminsa shekara da shekaru.

Kaurin wannan farin guringuntsi mai santsi milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Zaruruwan kolajin nau'i na biyu ne suka saƙa masa raga, a cikinta kuma akwai sinadaran da ke jawo ruwa su riƙe. In mutum ya taka ƙasa ruwan ya matse ya fita, in ya ɗaga ƙafa ya koma, kamar soso. Ta wannan hanya yake samun abinci daga ruwan gaɓa, domin babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa.

A nan matsalar take. Jini ne ke kai wa rauni ƙwayoyin da za su gyara shi. Ƙwayoyin halittar guringuntsi 'yan kaɗan ne, kowace a kulle a gurbinta, ba ta iya matsawa zuwa inda ya tsage. Ba shi da jijiyar jin zafi kuma, shi ya sa ɓarna kan yi nisa kafin gwiwa ta fara kumbura ko maƙalewa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ramin, ɗori ma ba ya cike shi.

A ɗauki matashin ɗan ƙwallo mai rami da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Likita zai shiga gwiwar da siririyar kyamara, ya kankare gefen ramin, sannan ya huda ƙashin da ke ƙasa, milimita 3 zuwa 4 tsakanin huji da huji, don jini da ɓargo su ɓuɓɓugo su daskare a wurin. Likita Richard Steadman na Amurka ne ya fito da wannan dabara. Yaron zai yi kamar mako 6 da sanduna. Sai dai abin da ke tsirowa tabo ne mai yawan kolajin nau'i na ɗaya, wanda bai kai na asali jure nauyi ba, kuma sau da yawa yakan fara zaizayewa bayan 'yan shekaru. Ya kamata a faɗa wa majiyyaci wannan tun kafin ya hau gadon tiyata.

Akwai kuma dasawa: a ciro guntun ƙashi da guringuntsinsa daga gefen gwiwa inda nauyi ba ya sauka sosai, a cusa a ramin. In ramin babba ne, akan ɗebi ƙwayoyin majiyyacin a raina su a ɗakin gwaji na 'yan makonni, a mayar masa a tiyata ta biyu, kamar yadda Mats Brittberg da Lars Peterson na Suwidin suka bayyana a 1994. Duk waɗannan na rami ne mai iyaka. Gwiwar da amosanin gaɓɓai ya cinye ko'ina, ko ƙafar da ta gwame ba a miƙe ta ba, gyaran ba ya ɗorewa a kanta.